Takardar manaja kan canjin lokacin aiki: me ya kamata ta ƙunsa?

A manyan kantunan sayar da kayan masarufi na Kano, ciniki yana sauya lokaci da zarar azumi ya kama. Da hantsi kanti yakan yi shiru, bayan la'asar a cika maƙil da masu sayen kayan buɗa-baki, bayan tarawihi kuma a sake wata sabuwar kasuwa. Saboda haka tun a watan Sha'aban manajoji da yawa suke rubuta wa ma'aikata takarda cewa lokutan aiki za su canza a wata mai kamawa. Takardar ba ta cika wuce shafi ɗaya ba, amma ita ce za ta yanke wanda zai sha ruwa a gida da wanda zai sha a bakin kanta.

Mu ɗauki misalin kanti mai ma'aikata 12, da ake buɗewa ƙarfe 8 na safe a rufe 9 na dare. Masu aikin safe suna yi daga 8 zuwa 3, masu aikin yamma daga 2 zuwa 9. Kowa awa 7 ke nan, kuma akwai awa ɗaya da rukunin biyu suke haɗuwa, inda kashiya take miƙa lissafi ga mai karɓarta. Manaja yana so a azumi a buɗe ƙarfe 10 na safe a rufe 11 na dare. Ga irin abin da zai iya rubutawa:

"Zuwa ga dukkan ma'aikata. Assalamu alaikum. Daga ranar 1 ga Ramadan, aikin safe zai koma ƙarfe 10 zuwa 5 na yamma, aikin yamma kuma ƙarfe 4 zuwa 11 na dare. Dalili shi ne, littafin cinikinmu na azumin bara ya nuna ba ma sayar da abin kirki kafin ƙarfe 10, amma muna rufewa da dare masu saye na tsaye a ƙofa. Awoyin kowa da albashinsa da ranar hutunsa suna nan yadda suke. Za a riƙa karɓa-karɓa duk mako, kuma motar kanti za ta kai masu aikin yamma gida. Kwana biyu bayan Sallah za mu koma tsohon tsari. Wanda wannan canji zai takura, ya same ni a ofis kafin ranar Alhamis mai zuwa."

Abu na farko da ma'aikaci zai nema a ciki shi ne ranar farawa, kuma a nan azumi yana da nasa sarƙaƙiyar. Ba wanda ya san ranar tabbas sai an ga wata, Sarkin Musulmi ya sanar, kuma sanarwar da dare take zuwa. Shi ya sa "ranar 1 ga Ramadan" ta fi a rubuta wata rana ta watan Bature. Ya kamata ma manaja ya ƙara layi ɗaya: idan an sanar da ganin wata yau da dare, gobe ƙarfe 10 za a buɗe. In ba haka ba, rabin masu aikin safe za su iso ƙarfe 8 su tarar da kwaɗo a ƙofa.

Dalilin da aka bayar kuwa, ingancinsa shi ne ma'aikaci ya iya gaskata shi da idonsa. Kashiyar da ta yi azumin bara a kantin ta san da hantsi hamma kawai take yi, don haka ba za ta yi musu ba. Amma takardar da ta ce "domin inganta aiki" ta yi shiru, ba ta faɗi komai ba, kuma ma'aikata za su cike giɓin da nasu zato: ko rage mutane za a yi, ko wani ake so a kora ta bayan fage. A ganina manajan da yake jin nauyin faɗin ainihin dalili, ko da kuwa tsadar dizal ɗin janareta ne, ya fi jawo wa kansa tsegumi fiye da wanda ya faɗa ƙarara.

Doka ma tana da ta cewa. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, a sashe na 7, ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki, har da lokutan aiki. Idan sharuɗɗan sun canza, a sanar da shi a rubuce, kada a wuce wata ɗaya da canjin. Sashe na 13 ya ce ana tsayar da awoyin aiki ta hanyar yarjejeniya, kuma abin da ya haura awoyin da aka amince a kansu ƙarin lokaci ne. Wanda yake aikin awa 6 ko fiye a rana yana da hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba, sannan a kowane kwana 7 yana da hutun awa 24 a jere. A misalinmu, hutun masu aikin yamma ya fi dacewa ya faɗo a kan magariba, a kasa su biyu, wasu su sha ruwa su yi salla yayin da sauran ke riƙe da kanta, sannan a musanya.

Inda irin wannan takarda ta fi yin tuntuɓe shi ne abin da yake biyo bayan rufe ƙofa. An rubuta ƙarfe 11, amma a 11 ɗin ne kashiya za ta fara ƙirga kuɗi, ta daidaita su da rasit da abin da ya shigo ta na'urar kati da tiransifa, mai sito kuma ya kulle. Idan hakan yana cin rabin awa kullum, a kwana 6 an ci wa mutum awa 3 da babu su a takarda. Ko dai a daina shigar da masu saye tun 10 da rabi, ko a lissafa wannan lokaci a biya shi. Alamar matsalar ba ta ɓuya: a duba littafin sa hannun tashi, idan kullum 11 da rabi ake rubutawa, jadawalin ƙarya yake yi.

Sai komawa gida. A watan Yulin 2022 gwamnatin Kano ta hana adaidaita sahu zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, kuma ko a inda babu irin wannan doka, abin hawa yana wuya da tsada a wannan lokaci. Yarinyar da take aiki a kanti a Titin Zoo tana zaune a Rijiyar Lemo ba za ta fito ƙarfe 11 da rabi ta tsaya neman abin hawa ba, iyayenta ma ba za su yarda ba. Jimlar nan ta motar kanti ita ce za a fi karantawa a gidajen ma'aikata. Idan kantin ba shi da mota, takardar ta faɗi kuɗin motar da za a ƙara, ko a bar na nesa a aikin safe a fifita na kusa a na yamma.

Wajen rabawa, liƙa takarda a allon sanarwa ko tura hotonta a WhatsApp ba ya isa. Akwai mai shara ko ɗan dako da ba ya karatun boko, akwai wanda yake hutu ranar. A tara kowane rukuni a wannan awar da suke haɗuwa, a karanta musu da Hausa, kowa ya karɓi kwafinsa ya sa hannu. Mako biyu ko uku kafin farawa yana ba mai shayarwa damar neman mai riƙe mata yaro, ɗalibin da yake darasin yamma kuma ya sami wanda za su yi musaya. Ranar Alhamis ɗin da manaja ya sa, bayanta sai ya fitar da jadawali mai ɗauke da sunan kowa, mako-mako, har zuwa Sallah.