Mutum Nawa Ne Suka Zo? Yadda Ake Haɗa Rahoton Mahalarta Bayan Taron Matasa

Da zarar an tashi daga taro, an kwashe kujeru, an sallami mai lasifika, sai shugaban kwamitin shirye-shirye ya numfasa ya ce alhamdulillahi, an yi lafiya. Amma wanda aka ɗora wa sakatariya ya san da sauran aiki, domin bankin da ya biya kuɗin zaure da ƙungiyar da ta ɗauki nauyin abinci suna jiran takarda. Hoton zaure cike da jama'a ba ya isar su. Jami'in da ya sa hannu aka saki kuɗin shi ma yana da na gaba da shi, kuma za a tambaye shi mutum nawa suka zo, su wane ne, kuma har ina labarin taron ya kai. Takardar da ke amsa waɗannan tambayoyi uku ita ce rahoton mahalarta.

Tambayar farko ta fi kama da mai sauƙi, kuma a nan aka fi yin tuntuɓe. Don abin ya fito fili, bari a ɗauki misali na ƙiyasi: taron matasa na kwana biyu a wani zaure a Kano, irin wanda ake yi kan sana'a da neman aiki. Mutum 620 suka yi rajista ta Google Forms kafin ranar. A rana ta farko takardar bakin ƙofa ta nuna sa hannu 410, a ta biyu 350. Mai gaggawa sai ya haɗa su ya rubuta cewa mutum 760 sun halarta. Adadin yana da daɗin ji, amma ba gaskiya ba ne, domin 290 daga cikinsu sun zo duka kwanakin biyu, an ƙirga su sau biyu ke nan. Idan aka cire su, mutane 470 ne suka taka ƙafa zauren.

Ko wannan 470 ɗin ma sai an sake tsefe shi. A ce 70 daga ciki ba su yi rajista ba, a bakin ƙofa suka bayyana saboda aboki ya jawo su. To cikin 620 da suka ce za su zo, 400 ne suka cika alkawari, kusan kashi 65 cikin ɗari. Wannan adadi yana da amfani ga masu shirya taron kansu, domin shi zai gaya musu abincin mutum nawa za su yi oda baɗi. Sannan akwai 'yan kwamiti, masu gabatar da ƙasida, 'yan jarida, direbobi da 'yan rakiyar babban baƙo. Su ma sun zauna a kujera sun ci abinci, amma ba dominsu aka ba da kuɗin ba, saboda haka layinsu daban ake ware musu, ba a cusa su cikin matasan.

Me ya sa mai ɗaukar nauyi ya damu da wannan bambanci? Saboda abu na farko da yake yi shi ne raba kuɗi da kawuna. Idan an kashe naira miliyan 9.4, kowane mahalarci ya tashi a kan naira 20,000 in mutum 470 ne. In aka ce 760, sai lissafin ya sauko ƙasa da naira 12,400, taron ya yi kamar ya fi araha fiye da yadda yake. Jami'in da ya saba karanta irin waɗannan takardu yana da hanyoyin ganewa. Zai duba rasit ɗin mai abinci ya ga kwano nawa aka biya kowace rana, zai tambayi kujera nawa zauren ke ɗauka, zai kuma kalli takardar waɗanda suka karɓi kuɗin mota. Zauren da ke cin mutum 450 ba zai ɗauki 760 ba, kuma da zarar ya kama ƙari a wuri ɗaya, ya daina yarda da sauran shafukan.

Aikin tsefewar yana da cin rai. Ana juye takardun bakin ƙofa cikin Excel, mutum ɗaya layi ɗaya. Suna ba abin dogaro ba ne a ƙasar Hausa, domin a taro ɗaya ana iya samun Aisha Muhammad biyar da Abubakar Sani huɗu, ga kuma wanda jiya ya rubuta Muhammad, yau ya rubuta Mohd. Lambar waya ta fi tsayawa, ita ma da nata tarkon: wani ya fara da 080, wani da +234, Excel kuma yakan haɗiye sifirin farko idan ba a mayar da ginshiƙin zuwa Text ba. Sai an daidaita lambobin duka sun zama iri ɗaya kafin a danna Remove Duplicates, in ba haka ba kwamfuta za ta ga mutum ɗaya a matsayin biyu. Akwai kuma 'yan'uwa biyu ko mata da miji da suka ba da lamba ɗaya, waɗannan da ido ake duba su. Masu dabara suna kauce wa duk wannan tun farko, su ba kowa kati mai lamba a ranar farko, washegari lambar kawai za a duba a yi mata alama.

Tambaya ta biyu, su wane ne suka zo, ba a iya amsa ta bayan taro idan ba a yi tanadinta a fom ɗin rajista ba. Abin da ba a tambaya ba a bakin ƙofa ya tafi ke nan. Galibi ana neman jinsi, rukunin shekaru, jiha ko ƙaramar hukuma, abin da mutum yake yi, da ko yana da wata naƙasa. Ƙirga mata, alal misali, layi ɗaya ne:

```
=COUNTIF(C2:C471,"Mace")
```

A misalinmu a ce ya ba da 141, wato kashi 30 cikin ɗari na 470. Idan a takardar neman tallafi an yi alkawarin kashi 40, rahoton ya faɗi haka ƙarara, ya kuma kawo dalilin da aka gano. Wataƙila zaman yamma ya kai har bayan magariba, iyaye kuma ba sa barin 'ya'ya mata su kai wannan lokaci a waje. Wataƙila an tallata taron ne ta zaurukan da maza suka fi yawa. Mai ba da kuɗi ya fi samun natsuwa da gaza cika alkawarin da aka bayyana dalilinsa, fiye da adadin da ya dace da alkawari cif-cif har ya sa shakka.

Kalmar matashi ma tana buƙatar a tsayar da ita, domin ba kowa ke nufin abu ɗaya ba. Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙididdigarta tana ɗaukar shekara 15 zuwa 24. Yarjejeniyar Matasan Afirka da aka amince da ita a Banjul a 2006 ta ce 15 zuwa 35. Manufar Matasa ta Najeriya ta 2019 kuwa ta tsaya a 15 zuwa 29. Mutum mai shekara 32 matashi ne a ma'auni ɗaya, ya wuce a sauran biyun. Shi ya sa ya fi kyau a yanka rukunin shekaru a fom yadda zai dace da kowanne: 15 zuwa 24, 25 zuwa 29, 30 zuwa 35, sai sama da haka. Duk ma'aunin da mai tallafi yake bi, ana iya fitar masa da nasa.

Wani abin da ake yawan mantawa shi ne waɗanda suka bar gurbi babu amsa. In mutum 60 ba su rubuta shekarunsu ba, kason da za a fitar na 410 ne, ba na 470 ba, kuma a faɗi hakan a ƙarƙashin jadawalin.

Sai tambaya ta uku, inda ƙari ya fi samun wurin ɓuya. Labarin taro yana fita ta Facebook, ta Zoom, ta rediyo, ta hotunan da mahalarta suka ɗora, kowanne da irin ƙirgarsa. A shafukan sada zumunta, Impressions yana nufin sau nawa abin ya bayyana a fuskar waya, Reach kuma asusu nawa ne suka gani. Mutum ɗaya yana iya ganin sanarwa sau shida. Facebook yana da ma'aunin da ke ƙirga wanda ya kalli bidiyo na daƙiƙa uku kacal, wato har mai wucewa da yatsa ya ɗan dakata. Don haka kallo 12,000 a bidiyon kai-tsaye ba ya nufin mutum 12,000 sun saurari ƙasida. Abin da ya fi faɗin gaskiya shi ne mutum nawa suke kallo a lokaci ɗaya sa'adda aka fi cika, da matsakaicin mintunan da aka kalla. Zoom shi ma yana da nasa: duk wanda sabis ya yanke masa ya sake shiga, rahoton yakan buɗe masa sabon layi, kuma kowa ya san halin sabis a nan. Sai an zaɓi Show unique users kafin a sauke jerin.

Rediyo ya fi wuyar aunawa. Tasha tana iya cewa muryarta na kaiwa jihohi da dama, amma yawan mutanen da ke zaune a yankin ba shi ne yawan waɗanda suka kunna a wannan sa'ar ba. Abin da rahoto zai iya tsayawa a kai shi ne sunan tasha, rana, lokaci, tsawon shirin da yawan kiran da aka amsa. Babban kuskure shi ne a tara mutanen zaure da masu kallo da Reach da masu sauraro a fitar da jimla guda a ce taro ya kai ga mutum dubu ɗari. Wanda ya zauna kwana biyu da wanda ya ga hoto yana cikin Adaidaita Sahu ba abu ɗaya suka samu ba, kowanne a bar shi a layinsa.

Akwai iyaka kan abin da ake miƙawa. Wasu kamfanoni sukan nemi a haɗo musu da sunaye da lambobin wayar mahalarta don su tallata hajarsu. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa wannan ya zama abin taka-tsantsan: in ba a sanar da mutane a fom ba, ba su kuma amince ba, lambobinsu ba na rabawa ba ne. Lamarin ya fi tsanani ga 'yan ƙasa da shekara 18, inda ake buƙatar yardar iyaye ko mai riƙo. Jimla da kaso sun ishi rahoto, takardun sa hannu kuwa a adana su don ranar da mai binciken kuɗi zai nema.

Rahoton kansa bai kamata ya yi kauri ba. Shafin farko ya ɗauki manyan adadi kusa da abin da aka yi alkawari, sai jadawali biyu ko uku, sai ɗan sakin layi da ke faɗin yadda aka yi ƙirgar da inda ta yi rauni, sannan hotunan da ke nuna tambarin mai tallafi a inda aka ce za a sa shi. A aika shi cikin wa'adin da yarjejeniya ta sa, tun ma'aikatan bakin ƙofa ba su manta abin da ya faru ba. A misalin nan na Kano, layin farko zai ce mutum 470, ba 760 ba, kuma takardun da za su tabbatar da hakan suna nan a fayil.