Aikin da Aka Ɓoye Albashinsa: Yadda Ake Gano Kuɗin da Ya Dace a Nema

Duk wanda ya taɓa neman aiki a Jobberman ko MyJobMag ko LinkedIn ya san wannan salon talla. Za a jero sharuɗɗa kamar ba za su ƙare ba: digiri, takardar kammala bautar ƙasa, gogewar shekara uku, iya sarrafa kwamfuta, juriyar aiki har dare. Da an zo gurbin albashi kuwa, sai a tarar da kalma ɗaya tak, "competitive" ko "negotiable", wato dai za a daidaita. Ranar ganawa kuma sai a juyo da tambayar kan mai nema: nawa kake so a biya ka?

Masu ɗaukar aiki suna da dalilansu na yin shiru. Wasu ba sa son tsofaffin ma'aikatansu su ga abin da za a ba sabon shiga. Wasu suna gudun abokan gasa su san sirrinsu. Wasu kuwa ciniki ne kawai irin na kara, inda kowa ke jiran ɗan'uwansa ya fara tayawa, domin wanda bai san farashi ba shi ke sallamawa da araha. A wasu ƙasashe doka ta shiga tsakani. Jihar Colorado ta Amurka ta wajabta rubuta albashi a tallan aiki tun 2021, birnin New York ya bi sahu a Nuwambar 2022, Tarayyar Turai kuma ta zartar da nata umarnin a 2023. A Najeriya babu dokar da ta tilasta hakan, saboda haka binciken ya rage wa mai nema.

Wurin farawa shi ne alkaluman da hukuma ta riga ta bayyana, domin su ne ke nuna ƙasan farashi. A Yulin 2024 aka sa hannu kan dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a wata. Jihohi sun ɗora nasu a kai: Kano 71,000, Kaduna 72,000, Legas 85,000. Sai dai dokar ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, shi ya sa ƙananan makarantun kuɗi da shaguna da yawa ke biyan abin da bai kai haka ba. Alawus ɗin masu bautar ƙasa ma ma'auni ne mai amfani, tunda an ɗaga shi daga 33,000 zuwa 77,000. Mai digirin da aka yi wa tayin 60,000 yana da hujjar cewa ko ɗan bautar ƙasa ya fi shi samu.

Aikin gwamnatin tarayya shi ya fi sauƙin ganewa, ko da tallan bai ambaci kuɗi ba. Hukumar Kula da Albashi ta Ƙasa tana fitar da jadawali ga kowane rukuni: CONPSS na ma'aikatan gwamnati, CONHESS na ma'aikatan lafiya, CONMESS na likitoci, CONUASS na malaman jami'a. Abin da mai nema zai duba a talla shi ne matakin da aka rubuta. Mai digiri na farko yakan shiga a mataki na 08, kuma da ya samo jadawalin da ake aiki da shi a wannan shekarar, ya san albashinsa tun kafin ya cike fom. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya su ma suna wallafa jadawalin albashin ma'aikatansu 'yan ƙasa, kuma harafi da lambar da ke jikin talla, kamar G-5 ko NO-B, su ne mabuɗin.

Wahalar tana wajen kamfanoni masu zaman kansu, inda babu jadawali. A nan dole mutum ya tara alkaluma daga wurare daban-daban, sannan ya tace su. Tacewar ce mutane da yawa ke tsallakewa.

A ƙaddara wata matashiya ce a Kano, mai digirin akanta da gogewar shekara uku, ta ga tallan wani kamfanin rarraba kayan masarufi da ke neman akanta. Alkaluman da za su biyo baya na misali ne, don a ga yadda lissafin ke tafiya. Ta binciko guda biyar. A wani shafin da ma'aikata ke rubuta albashinsu ba tare da suna ba, irin su Glassdoor, ta ga 150,000. Tallan wasu kamfanoni biyu masu kama da wannan sun rubuta 220,000 da 280,000. Wata ƙawarta da suka yi jami'a tare, mai aiki a wata masana'anta a Sharaɗa, ta ce tana karɓar kusan 245,000. Wani ɗan'uwanta kuma ya ce akantar wata ƙungiyar agaji ta ƙasashen waje a Abuja tana ɗaukar 600,000.

Idan ta tara su ta raba gida biyar, za ta samu kusan 300,000. Lissafin ya yi daidai, amma amsar ba abin dogaro ba ce, domin uku daga cikin alkaluman biyar suna da matsala.

Na farko shi ne 600,000. Ƙungiyar da kuɗinta ke zuwa da dala, a birnin da hayar gida ta ninka ta Kano, ba kasuwarsu ɗaya da kamfanin da ribarsa ke fitowa daga katan ɗin taliya da sabulu ba. Sunan muƙamin ne kawai ya zo ɗaya. Adadi guda mai girma irin wannan yana jan matsakaicin sama, ya sa mutum ya faɗi kuɗin da zai sa a rufe fayil ɗinsa. Cire shi za ta yi. Ƙa'idar ita ce a kwatanta wuraren da suka yi kama a abubuwa huɗu: irin harkar, girman kamfanin, garin, da nauyin da za a ɗora wa ma'aikaci.

Na biyu shi ne 150,000. Da ta duba kwanan wata, sai ta ga a ƙarshen 2022 aka rubuta shi, kafin cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da sakin naira ta nemi darajarta a kasuwa a Yunin wannan shekarar. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 28.9 cikin ɗari a Disambar 2023, sannan kashi 34.8 a Disambar 2024. Idan aka haɗa shekarun biyu, abin da 150,000 ke saye a ƙarshen 2022 sai an kashe kusan 260,000 kafin a same shi a ƙarshen 2024. Gaskiya ne albashi bai cika tafiya kafaɗa da kafaɗa da farashin kaya ba, kuma ba kowane kamfani ne ya yi ƙarin da ya kai haka ba. Duk da haka 260,000 ya fi kusa da halin da ake ciki fiye da tsohon adadin. Albashin da aka rubuta ba kwanan wata kuwa, gara a bar shi.

Na uku shi ne na ƙawarta, kuma nan ne aka fi yin tuntuɓe. Idan aka tambayi ma'aikaci albashinsa, abin da ya shigo masa a alat yake faɗa. Kamfani kuma idan yana maganar albashi, jimillar kuɗin yake nufi kafin a cire komai, sau da yawa ma na shekara guda. Tsakanin biyun akwai tazara. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, kamfani ya ƙara kashi 10 daga aljihunsa. Sai kuma haraji. A sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara ba haraji a kansu, miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15, miliyan 9 na gaba kuma kashi 18.

Ga yadda abin yake ga mai albashin 300,000 a wata, wato miliyan 3.6 a shekara. Idan aka lissafa fansho a kan dukkan kuɗin, za a cire 24,000 kowane wata. Haraji zai kama kusan 32,000, in ba a sa rangwamen kuɗin haya da makamantansa ba. Abin da zai rage bai wuce 244,000 ba. Ke nan ƙawar da ta ce tana karɓar 245,000, ainihin albashinta a takarda ya kai 300,000. Da matashiyar ta je ta nemi 245,000 tana zaton sun yi daidai, da alat ɗinta na farko ya tsaya kusa da 200,000.

Bayan tacewa, alkalumanta sun zama huɗu: 220,000 da 260,000 da 280,000 da 300,000, dukkansu kafin cire haraji da fansho. Tsakiyarsu 270,000 ne. Yanzu ta san kasuwar tana tsakanin 220,000 da 300,000, ta kuma san tayin 150,000 kwari ne, neman 500,000 kuma mafarki.

Samun irin adadin ƙawar nan shi ya fi komai daraja, shi ne kuma ya fi wuya, domin a al'adance tambayar mutum albashinsa kai tsaye rashin ta-ido ne. Masu dabara sukan kauce wa wannan. Maimakon "Yaya, nawa ake biyanka?" sai su ce, "Yaya, don Allah idan za a ɗauki mai gogewa irin tawa a wurinku, daga nawa zuwa nawa ake farawa?" Wanda aka tambaya zai amsa ba tare da ya tona asirin aljihunsa ba. Tsofaffin ma'aikatan kamfanin sun fi sakin baki fiye da waɗanda ke ciki. Ƙungiyoyin sana'a, irin su ICAN da ANAN ga akantoci, wurare ne da ake haɗuwa da mutanen da suka san farashin. Kamfanonin dillancin ma'aikata kuwa kusan kullum suna da adadin da aka ba su, kuma sukan faɗa idan an tambaya.

Ranar ganawa, abin da ya fi shi ne ta fara tambayar kasafin da aka ware wa gurbin, domin da wuya a buɗe gurbi ba tare da an ware masa kuɗi ba. Idan suka dage sai ta faɗa, sai ta ambaci 270,000 zuwa 300,000 a wata kafin cire haraji, ta kuma bayyana cewa daga tallan kamfanoni makamantansu ta samo. Kada ƙasan abin da ta faɗa ya zama adadin da ba za ta iya rayuwa da shi ba, domin galibi can ne za su tsaya. Sannan ta tambayi abin da ke kewaye da albashin: inshorar lafiya, motar ma'aikata, albashin wata na 13, da ko ana tura fansho a kan kari. Aikin 250,000 mai motar ɗauka da inshora na iya fin na 280,000 da mutum zai riƙa biyan kuɗin adaidaita sau biyu a rana.

Duk abin da aka daddale a kansa, a nemi a rubuta shi a takardar ɗaukar aiki, a fayyace na wata ne ko na shekara, kafin cire haraji ne ko bayansa. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutacciyar takarda mai ɗauke da albashinsa da lokacin biyansa cikin wata uku da fara aiki. Mai nema dai bai kamata ya jira wata ukun ba: ya ga takardar, ya karanta ta, kafin ya ajiye aikin da ke hannunsa.