Mafarkin Maciji da Kuɗin Rago

Fassarar mafarki ta zama sana'a a garuruwanmu. Wani yana zaune a zaure da buzu da tarin littattafai, wani kuma ta waya yake aikinsa, sai ka tura masa kuɗi kafin ya saurare ka. A cikinsu akwai malamai na Allah, waɗanda in ka kai musu mafarki za su ce maka alheri ne, su yi maka addu'a ka tafi. Akwai kuma 'yan damfara, kuma hanyarsu kusan iri ɗaya ce ko'ina: su cusa maka tsoro, sannan su ce maganin abin tsoron yana hannunsu.

Mu ɗauki misali. Wata matar aure ta yi mafarki baƙin maciji ya shigo ɗakinta. Ta tashi gabanta na faɗuwa, maƙwabciya ta yi mata kwatancen wani malami. Da ta je, sai ya karɓi kafin alƙalami, a ce naira 2,000. Bai fara da mafarkin ba. Ya tambayi sunanta da na mahaifiyarta, ya tambaye ta ko tana da abokiyar zama, ko ciniki ya ja baya, ko barci na yi mata wuya kwanan nan. Wace mace ce za a yi wa waɗannan tambayoyi a rasa inda za ta ce e? Ya yi shiru, ya girgiza kai, ya ce, "Hajiya, Allah ne ya kawo ki da wuri. An yi miki aike, kuma daga cikin gida ne."

Ta ce, "Allah gafarta Malam, to yanzu mene ne abin yi?"

Nan ciniki ya buɗe. Za a sayi turare da zafaran na rubutu, naira 15,000. Bayan mako guda ta dawo ta ce ta sake mafarkin, wanda ba abin mamaki ba ne ga wadda ta kwana bakwai tana tunanin maciji. Ya ce aikin ya fi yadda ya zata ƙarfi, sai an yanka baƙin rago, shi zai saya da kansa don ba kowane rago ake so ba. Ya ja kunnenta kada ta faɗa wa kowa, har maigida, in ba haka ba aikin ya karye.

Dubi yadda aka ɗaure tarkon. In wata ya wuce ba abin da ya same ta, ragon ne ya tare. In ɗanta ya yi zazzaɓi, to ai an faɗa mata, sai a ƙara aiki. Babu abin da zai faru a duniya da zai nuna malamin ya yi kuskure. Kuɗin ma sauƙi ne a kan ɗaya asarar, domin tun daga ranar ba ta ƙara cin abincin kishiyarta da kwanciyar hankali ba, ta hana 'ya'yanta shiga ɗakin, a kan laifin da ba wanda ya gani.

Abin takaici, da rigar addini ake yin wannan, alhali addinin ya riga ya rufe ƙofar. A hadisan da Buhari da Muslim suka ruwaito, mafarki iri uku ne: bushara daga Allah, da tsoratarwar Shaiɗan, da abin da mutum ya yini yana saƙawa a ransa. Wanda ya ga abin da ya tsorata shi, an umurce shi ya yi tofi sau uku ta hagunsa, ya nemi tsarin Allah, ya juya kwanciya ko ya tashi ya yi salla, kuma kada ya ba kowa labari, ba zai cuce shi ba. Muslim ya kawo labarin wani mutum da ya ce ya ga an sare kansa yana bin sa da gudu, Annabi (SAW) bai fassara masa ba, ya hana shi yaɗa wasan da Shaiɗan ya yi da shi a barci. Ke nan mummunan mafarki, wanda shi ne jarin ɗan damfara, ba abin kaiwa a fassara ba ne tun farko. Ba a ambaci rago ba, ba a ambaci turare ba.

Ko mafarkin da ya cancanci fassara, mai fassarar kirdado yake yi gwargwadon iliminsa. Sayyidina Abubakar ya taɓa fassara mafarki a gaban Annabi (SAW), aka ce masa ya dace a wani ɓangare, ya kuskure a wani. To wane ne wannan da zai rantse maka cewa ranar kaza abu kaza zai auku? Wasu sukan ɗaga littafi su ce ga abin da Ibn Sirin ya faɗa. Muhammad Ibn Sirin malamin Basra ne da ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, ya shahara da fassara, amma masu bincike da yawa ba su yarda shi ya rubuta littafin da ake sayarwa da sunansa ba. Kuma abin da ake ba da labari game da shi ya saɓa wa buɗe shafi a karanto: an ce mutum biyu sun zo masa da mafarki ɗaya, kowa ya ga yana kiran salla, ya yi wa ɗaya albishir da aikin Hajji, ya fassara wa ɗayan da sata, saboda ya dubi halin kowannensu.

Ni dai a ganina, hanya mafi sauƙi ta auna shawara ita ce ka tambayi kanka a hannun wa maganin ya ƙare. Annabi Yusuf ya fassara wa sarkin Masar mafarkin shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu, kuma labarin ba mai daɗi ba ne, fari ne na shekara bakwai. Amma yana kurkuku ya ba da fassarar ba tare da gindaya sharaɗi ba, ya haɗa da abin da mutane za su yi da hannunsu: su yi noma, su adana hatsi a zangarniyarsa, su ci kaɗan. Mai gaskiya zai ce ka yi addu'a, ka yi sadaka ga mabukacin da ka zaɓa da kanka, ka gyara abin da ke tsakaninka da mutane. In ka yi masa ihsani ya karɓa, in ba ka yi ba bai fasa ba. Wanda ya yanka maka farashi, ya sa maka wa'adi, ya nuna maka wani ɗan'uwa a matsayin maƙiyi, ya hana ka shawara da kowa, wannan ba sai an kai ga rago ba ka san inda aka dosa. Neman sunan uwa da bugun ƙasa kuwa sun fita daga fassara, sun shiga duba, kuma Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40.

Saura abu ɗaya da ake yawan mantawa. Zazzaɓin cizon sauro mai zafi yana kawo mafarkai masu firgitarwa, haka ma wasu magunguna, da damuwa, da tashin hankalin da mutum ya taɓa gani, kamar wanda ya tsira daga hannun 'yan bindiga. Dannau, inda mutum kan farka ya kasa motsi yana jin an danne masa ƙirji, likitoci sun san shi: ƙwaƙwalwa ce ta farka kafin jiki ya saku, yakan wuce cikin daƙiƙu ko 'yan mintuna, kuma ƙarancin barci da kwanciyar rigingine suna ƙara shi. In mummunan mafarki ya yi ta maimaituwa har ya hana ka barci makonni, ka ci gaba da addu'o'in kwanciya, ka kuma je asibiti ka faɗa wa likita yaushe abin ya fara da irin magungunan da kake sha.