Nawa Shekarar Karatu Ɗaya Ke Ƙarawa A Albashi?

Kowa ya san masu ilimi sun fi samun albashi, amma karatun ne ya jawo haka, ko kaifin basirar da suka zo da ita? Basira ba ta cikin takardun ƙidaya, alhali tana tura yaro makaranta, tana kuma ƙara masa kuɗi. Wanda ya kwatanta albashi da karatu kai tsaye zai jingina wa makaranta ladar basira.

Maganin shi ne 2SLS, awo mai hawa biyu. A 1991 Angrist da Krueger sun nemo abin da ke taɓa karatu kaɗai a Amurka: rubu'in shekarar da aka haifi mutum. A lokacin, doka a jihohi da yawa ta ba yaro damar barin makaranta da ya cika shekara 16, kuma haihuwar farkon shekara sukan shiga aji da ɗan girma, sai su fita da ƙarancin karatu.

A hawa na farko, ana hasashen shekarun karatun kowa daga rubu'in shekarar da aka haife shi. A na biyu, ana auna albashi da wannan hasashen maimakon karatun gaske, tunda basira ba ta zaɓar lokacin haihuwa. A ƙaddara rukuni biyu sun bambanta da kashi ɗaya cikin goma na shekara, albashinsu kuma da kashi 0.7 cikin ɗari. A raba 0.7 da 0.1, shekara guda ta ba da kashi 7.

Sai dai tazarar ƙarama ce ƙwarai. A 1995 Bound, Jaeger da Baker sun sa lokutan haihuwa na bogi a lissafin, suka samu sakamako makamancin na asali. Don haka tilas a fara duba ƙarfin hawa na farko.