Kujerar Makka: Wace Takarda Za Ka Nema a Hannun Ejan?

Da zarar an fara maganar kuɗin kujera, sai dillalai su fito, kowa da allon ofis mai hoton Ka'aba da farashin da ya fi na hukuma sauƙi nesa ba kusa ba. Wannan sauƙin shi ne abin tuhuma na farko, domin jirgi da masauki da tantin Mina ba sa yi wa kowa ragi don kyan fuskarsa.

A Najeriya ƙofa biyu ce ta Hajji: hukumar jin daɗin alhazai ta jiharka, ko kamfanin jirgin yawo mai lasisin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wato NAHCON, wadda aka kafa da dokar 2006. In ka tambayi ejan shaidarsa, sau da yawa takardar rajistar CAC zai zaro maka. Wannan ba ta nuna komai sai cewa kamfanin yana da suna a gwamnati; mai sayar da siminti ma yana da irinta. Lasisin NAHCON za ka nema, ka duba shekararsa, domin sabunta shi ake yi. Sannan ka nemi sunan kamfanin a jerin waɗanda hukumar ta amince wa su yi jigilar Hajjin bana. Kamfani na iya kai mutane Umara lafiya lau, alhali ba a ba shi kujerar Hajji ko ɗaya ba.

Inda aka fi cutar mutane shi ne biza. Sai dillali ya ce, "Alhaji, bizar ziyara ce, amma in ka shiga ai shi ke nan." Ba shi ke nan ba ne. Bizar ziyara ko ta yawon buɗe ido ba a Hajji da ita, kuma mai ita ba ya samun katin Nusuk da ake dubawa a shingayen Makka. Ba shi da tanti a Arfa, ba shi da motar hukuma, sai tafiyar ƙasa cikin rana. A Hajjin 2024 Saudiyya ta ce mutum 1,301 suka rasu, kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji. A 2025 kuma ta sa tarar da ta kai Riyal 20,000, ga kora da haramcin shiga ƙasar na shekara 10.

Saboda haka in biza ta fito, karanta nau'inta da idonka, ka gwada suna da lambar fasfo. Kuɗi kuwa asusun kamfani za ka zuba, mai sunan da ke jikin lasisi, ba asusun "yaron oga" ba. Ka karɓi rasit da rubutacciyar yarjejeniya mai sunan otal, nisansa da Harami, da yadda za a mayar da kuɗi in tafiya ta fasa. Wanda ya ce shi ƙaramin ejan ne, ya raka ka babban ofishin su tabbatar da shi a gabanka kafin ka miƙa fasfo.