Kilo Nawa Ya Kamata Mai Juna Biyu Ta Ƙara? Amsar Tana Jikinta Tun Kafin Ciki

A ranar awon ciki, hawa sikeli shi ne abin da ya fi saurin wucewa. Mace ta cire takalmi, ta hau, ma'aikaciyar jinya ta leƙa ta rubuta a kati, a kira ta gaba. Mata da yawa sukan koma gida da wannan lamba ba tare da sanin abin da take nufi ba. A gida kuma fassara ba ta yankewa: uwar miji ta ce ciki ya karɓe ta, maƙwabciya ta ce ta rage ci kada ɗa ya yi girma haihuwa ta zo da gardama. Dukansu suna kallon jikin yau ne. Likita kuwa tambayarsa ta farko ita ce, yaya jikin yake kafin cikin ya shiga?

Dalilin tambayar shi ne ba adadin kilo ɗaya ake so kowace mace ta ƙara ba. Wadda ta shiga ciki da rama tana buƙatar ta ƙara da yawa, domin jikinta ba shi da ajiyar da zai ciyar da ɗan tayi ya kuma tanadi nono. Wadda ta shiga da ƙiba tana da ajiyar tun tuni, saboda haka kaɗan ya ishe ta. Abin da ake raba mata da shi gida-gida shi ne awon da likitoci ke rubutawa BMI a kati, wato gwada nauyin mutum da tsawonsa. Lissafin ba wuya: a ɗauki tsawo da mita a ninka shi da kansa, sannan a raba nauyi na kilo da abin da ya fito. Mace mai tsawon mita 1.60, idan aka ninka, 2.56 ke nan. In nauyinta kilo 62 ne, a raba 62 da 2.56, za a sami 24.2. Kowace wayar hannu tana iya wannan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa sakamakon gida huɗu. Ƙasa da 18.5 rama ce. Daga 18.5 zuwa 24.9 jiki ne daidai. Daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya ɗara kima, 30 zuwa sama kuma ƙiba ce sosai. A kan waɗannan gidaje huɗu ne wata cibiyar masana lafiya ta Amurka ta gina shawarar da ta fitar a 2009, bayan ta sake duba wadda ta bayar a 1990, kuma ita ce asibitoci a ƙasashe da dama suke bi har yau. Ga mai ɗauke da ɗa ɗaya, shawarar ta ce mai rama ta ƙara kilo 12.5 zuwa 18 a tsawon cikin, mai jiki daidai 11.5 zuwa 16, wadda nauyinta ya ɗara 7 zuwa 11.5, mai ƙiba sosai kuma 5 zuwa 9. A lura da kyau, ko mai ƙiba ba a ce ta rage nauyi ba. Lokacin ciki ba lokacin neman rama ba ne.

Wani zai ce, jaririn da ba ya wuce kilo 3 ko 3.5, ina ake kai kilo 12? Ai ba jariri kaɗai ake ɗauke da shi ba. Mabiyiya takan haura rabin kilo, ruwan da ɗan yake kwance a ciki ya kusa kilo ɗaya, mahaifa kanta ta ƙaru da kusan kilo ɗaya. Jinin mace yana ƙaruwa da fiye da lita ɗaya, nonuwa su cika, ruwa ya taru a tsoka. Sauran kuma kitse ne da jiki ke ajiyewa don shayarwa, kuma wannan kason ne ya fi bambanta tsakanin siririya da mai jiki.

Bari mu ɗauki misalin mata uku, dukansu tsawonsu mita 1.60, dukansu cikinsu ya kai mako 28, kuma kowacce sikeli ya nuna ta ƙara kilo 7 cif. A wata ukun farko, lokacin laulayi, ba a sa ran wani ƙari mai yawa, rabin kilo zuwa kilo 2 ne kawai. Daga nan ne ake ƙirga ƙarin mako-mako, kuma daga ƙarshen mako 13 zuwa mako 28 akwai mako 15.

Ta farko ita ce mai kilo 62 ɗin nan, awonta 24.2, jiki daidai. Irinta ana so ta riƙa ƙara abin da bai gaza giram 350 ba, bai kuma wuce rabin kilo ba a mako. Idan aka haɗa da na watannin farko, a mako 28 ya kamata ƙarin ya faɗa tsakanin kusan kilo 6 da 9.5. Nata 7 ne, tana kan hanya, babu abin da za a sauya mata.

Ta biyu ta shiga ciki da kilo 45, awonta 17.6. Ita ana so ta riƙa ƙara kusan rabin kilo kowane mako, wanda zai kai ta tsakanin kilo 7 da kusan 11 a wannan lokaci. Tana bakin ƙasa ke nan, da ƙyar ta taɓa iyaka. Ma'aikaciya mai lura ba za ta bar ta ta tafi haka ba. Za ta tambaye ta sau nawa take cin abinci a yini, ko amai bai tsaya ba, ko tana fama da zazzaɓin cizon sauro, ta duba yawan jininta, ta auna tsawon cikin da tef. Abin da ake gudu a nan shi ne jariri ya zo ƙasa da kilo 2.5, ko ya zo bakwaini.

Ta uku kilo 82 take kafin ciki, awonta 32. Nata ƙarin giram 170 zuwa 270 ne a mako, wato kilo 3 zuwa 6 a mako 28. Ta riga ta wuce, ga kuma mako 12 a gabanta, alhali iyakarta duka kilo 9 ne. A wurinta sai a duba ciwon suga na masu ciki, wanda akan gwada tsakanin mako 24 da 28, a sa ido kan hawan jini, a zauna da ita kan abin da take ci da sha. Ba yunwa za a sa ta ba. Lemon kwalba da shayi mai sukari da yawa da soye-soye za a rage, a bar mata wake, ƙwai, kifi, ganye da nono, ta riƙa ɗan tattaki in likita bai hana ba. Haɗarin da ake kauce wa shi ne ɗa ya haura kilo 4, naƙuda ta yi tsawo, kafaɗa ta maƙale ko a kai ga tiyata, sannan ita ma ta fita jego da nauyin da zai bi ta zuwa ciki na gaba.

Kilo 7 ɗin nan dai guda ne, amma ya ba da hukunci uku. Wanda bai san nauyin farko ba, babu yadda zai san wanne ne a gabansa.

A nan ne kuskuren da ya fi yawa yake faruwa, kuma a ganina ya fi rashin awon ma illa. Mata da yawa a wurarenmu ba sa fara zuwa awo sai ciki ya fito, ya kai wata biyar ko shida. Sai a ɗauki nauyin ranar a yi lissafi da shi. Mu koma ga ta farko: a mako 28 nauyinta kilo 69 ne. A raba da 2.56, sai ya ba da 27, wanda ya jefa ta cikin masu nauyin da ya ɗara, alhali ba ta cikinsu. Nauyin ɗa da ruwa da jini aka ƙirga mata a matsayin ƙiba. Idan aka bi wannan lissafi aka ce ta taƙaita ci, an tauye ɗan da ke daidai lokacin girmansa. Abin ya fi muni ga siririya. Mai kilo 45 ta zama 52, awonta ya koma 20.3, sai a ga kamar lafiya lau, ramar da ya kamata a kula da ita ta ɓuya a bayan ciki.

To, in mace ba ta san nauyinta na da ba fa? Nauyin da aka auna a cikin wata ukun farko yana iya tsayawa a madadinsa, tunda ƙarin lokacin kaɗan ne. Wannan na cikin amfanin shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016, cewa mai ciki ta fara ganin ma'aikatan lafiya a cikin mako 12 na farko, kuma ta gan su aƙalla sau takwas kafin haihuwa. Tsohon katin asibiti ma yana taimakawa, idan bai daɗe ba. In duk babu, sai a bar batun jimilla a koma bin ƙarin da take yi tsakanin awo da awo, a haɗa da awon kaurin damtse, wanda ciki ba ya sauya shi sosai. A shirye-shiryen ciyarwa da dama, damtsen da bai kai santimita 23 ba alama ce ta mace mai buƙatar ƙarin abinci. Kuma a riƙa hawa sikeli guda, da kaya marasa nauyi, domin sikelin kyamis da na asibiti ba lallai bakinsu ya zo ɗaya ba.

Shi kansa awon yana da iyaka. Ba ya bambance kitse da tsoka. An kuma gina adadin ne galibi a kan binciken matan Amurka da Turai, don haka jagora ne, ba a ɗaga hankali don an kauce da kilo ɗaya. Mai tagwaye lissafinta daban ne: mai jiki daidai ana so ta ƙara kilo 17 zuwa 25. Yarinyar da ta ɗauki ciki tana ƙasa da shekara 18 kuwa ita ma jikinta bai gama girma ba, bai kamata a taƙaita mata abinci da hujjar wannan lissafi ba tare da likita ya gan ta ba.

Akwai ƙarin nauyi guda da ba ruwansa da abinci, ba ruwansa da awon farko. Idan bayan mako 20 nauyi ya yi tsalle cikin 'yan kwanaki, kamar kilo biyu a mako guda, fuska da hannuwa suka kumbura har zobe ya ƙi fita, ga ciwon kai mai tsanani ko gani dishi-dishi, ruwa ne ke taruwa, kuma yana iya zama hawan jinin da ke kai mace ga jijjiga. Wannan ba a jiran ranar awo, a ranar ake tafiya asibiti.

Ga matar da ke sa ran ciki, ko amaryar da ke shirin tarewa: ki sa a auna tsawonki da nauyinki tun yanzu, ki rubuta su da kwanan wata ki adana. Ranar da kika je awo na farko, ki miƙa wa ma'aikaciya takardar, ki tambaye ta gidan da kika faɗa da kilo nawa ake so ki ƙara.