Daga Allon Kwamfuta Zuwa Wuƙar Maɗaba'a: Shirya Ɗan Littafin Manoman Rani



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne aikin da ya rage wa marubuci bayan ya gama rubutu, kafin ya miƙa fayil ɗinsa ga maɗaba'a. A zamanin da aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya, cikin 1945, wannan aiki ba na marubuci ba ne. Shi dai ya kai rubutunsa, masu jera haruffa su yi sauran. Yanzu kuwa ma'aikacin da ke zaune a ofis shi ne marubuci, shi ne mai jera haruffa, shi ne mai shirya hotuna, kuma abin da ya kai shi za a buga masa, da kyansa da muninsa.

Zan ɗauki misali guda in bi shi har ƙarshe. Kowa ya san ƙasar noman rani ta Kura da Bunkure da Garun Malam, wadda ke shan ruwan madatsar Tiga da aka gama a 1974. Kowa kuma ya ji labarin tsutsar tumatir da manoma suka sa wa suna sharon, wadda ta yi mummunar ɓarna a 2016. An taɓa kawo mini wani ɗan littafi da aka shirya domin manoman wannan yanki, in duba Hausarsa. Shafi 22 ne, da taswirar hanyoyin ruwa, da hotunan ganyen tumatir mai lafiya da wanda tsutsa ta shiga. A allon kwamfuta ba shi da makusa. Da ya fito daga maɗaba'a sai ga farin zare a gefen bango, sunan wani ƙauye a taswira an yanke masa wutsiya, ganyen nan mai lafiya kuma ya yi duhu har ba a rarrabe shi sosai da maras lafiya. Masu littafi suka ce laifin maɗaba'a ne. Ni da na ga fayil ɗin, ban yarda ba.

Mu fara da wuƙa. Maɗaba'a ba ta buga shafi ɗai-ɗai a kan takarda daidai girmansa. Ana jera shafuffuka da yawa a babban falle, a buga, a ninke, a ɗinke, sa'an nan a tara littattafan a sa musu wuƙa ta datse gefe uku. Wuƙar nan komai gwanintar mai riƙe da ita takan goce da kamar milimita ɗaya, ko ciki ko waje. To, idan hoton gonar tumatir da ke bango ya tsaya cak a kan iyakar shafi, wuƙa kuma ta goce waje, farar takarda za ta bayyana kamar zare. Maganin wannan shi ne a bar hoto ko launin ƙasan shafi ya zarce iyaka da milimita 3 ta kowane gefe, domin wuƙa ta faɗa cikin launi ko ta ina ta goce. Wannan rarar ita ce za ku ga an rubuta Bleed a manhajojin tsara littafi irin su CorelDRAW da InDesign da Scribus.

Ga lissafin. Littafin namu girman A5 ne, watau faɗi milimita 148, tsawo 210. In an ƙara rara, hoton da zai cika shafi sai ya zama 154 da 216. Amma a lura, girman shafin yana nan a 148 da 210. Ba a faɗaɗa shafi, hoton ne ake ja ya wuce shi. Su kuwa 'yan gajerun layukan da ke fitowa a kusurwoyi huɗu, waɗanda ke nuna wa mai yanka inda zai sa wuƙa, manhaja ce ke sa su lokacin fitar da fayil, in an zaɓi Crop Marks. Kada a zana su da hannu.

Gocewar wuƙa ciki ita ce ta cinye sunan ƙauyen nan. Saboda haka duk abin da ake so a karanta, ko suna a taswira, ko lambar shafi, ko adadin maganin feshi, a janye shi aƙalla milimita 5 daga iyaka. Ni na fi son 10, domin littafin manomi a aljihu yake kwana, gefensa ne kuma ke fara cinyewa.

Akwai kuma maganar yawan shafi. Littafin da ake ɗinkewa da waya a tsakiya, kowane falle da aka ninke shafi huɗu ne, don haka 22 ba ya yiwuwa, sai 20 ko 24. In ba ku cike biyun da kanku ba, mai ɗab'i zai cike muku da farar takarda inda ya ga dama. A littafi mai shafi 24, shafi na 12 da na 13 ne kaɗai ke kwance a jere a kan falle guda. Nan ne mazaunin taswira, in ana so babbar hanyar ruwa ta ƙetare tsakiyar littafi ba ta karye ba.

Yanzu sai launi, inda na fi so mu daɗe. Allon kwamfuta da haske yake yin launi. Yana gauraya ja da kore da shuɗi, abin da ake rubutawa RGB, in ukun suka cika sai a sami fari. Takarda kuwa ba ta da hasken kanta. Tawada ake ɗora mata, kowace tawada kuma rage hasken da ke dawowa ido take yi. Injin ɗab'i tawada huɗu yake aiki da su: shuɗi mai haske, da ja mai ruwan hoda, da rawaya, da baƙi. Su ne CMYK, kowacce da farantinta, takarda na bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya. Babu koriyar tawada a cikinsu. Koren da kuke gani a littafi ɗige-ɗigen shuɗi ne da na rawaya suka haɗu.

Abin da ya biyo bayan wannan shi ne, akwai launukan da allo ke iya nunawa waɗanda tawada huɗun nan ba sa kaiwa gare su. Abin takaici ga mai littafin noman rani, launuka biyun da suka fi shan wahala su ne nasa: kore shar irin na shinkafa sabuwar dashe, da shuɗi mai ƙyalli da ake zana ruwa da shi. Koren yakan dushe. Shuɗin yakan karkata ya koma kamar shunayya, dalili kuwa shi ne wajen juyawa ana zuba masa jar tawada da yawa. A taswira gara mutum ya rubuta adadin da kansa. Alal misali C 100, M 30, Y 0, K 0 zai ba da shuɗin ruwa mai tsabta.

Hotuna kuwa dole a juya su, tambayar ita ce wa zai juya. In kun kai fayil a RGB, na'urar maɗaba'a za ta juya shi ba tare da ta san abin da hoton ke son nunawa ba. Hoton ganyen nan an ɗauke shi ne don manomi ya ga farin tabon da tsutsa ke bari in ta ci cikin ganye. In kun juya da kanku, za ku ga dushewar tun a allo, ku ƙara wa hoton haske har tabon ya fita sarai. Kafin juyawa sai a tambayi mai ɗab'i irin takardar da zai sa da ma'aunin launin da yake bi. Takarda mai sheƙi tana riƙe tawada a samanta, ma'aunin da aka saba da shi dominta shi ne FOGRA39. Takarda maras sheƙi, irin ta littafin makaranta, shan tawada take yi, kowane ɗigo ya bazu, hoto ya ƙara duhu. Abin da ya sami littafinmu ke nan: an shirya hotunan da ganin allo, aka buga su a takarda mai sha.

Girman hoto ma a duba shi. Ana son ɗigo 300 a kowane inci. Hoton da zai cika shafin A5 da rararsa yana bukatar ɗigo wajen 1820 a faɗi, 2550 a tsawo. Wanda malamin gona ya turo ta WhatsApp yawanci an matse shi ya kasa haka. A nemi na asali daga wayarsa.

Baƙin rubutu yana da nasa tarko, kuma a nan ne abin ya shafi sana'ata. Manhajar Word a RGB take aiki. In an juya baƙinta ba da lura ba, sai ya zama gamin tawada huɗu. Ƙaramin harafi ke nan za a buga shi sau huɗu, in faranti ɗaya ya goce da ko kaurin gashi, sai gefen harafin ya yi inuwa. Baturen da ke karanta harshensa zai jure wannan. Mu kuwa bambancin ƙ da k ɗan lanƙwasa ne kawai, in ya dushe, ƙasa ta zama kasa. Saboda haka rubutu ya zama K 100, sauran ukun sifiri. Haka kuma ba kowane salon haruffa ke da ɓ da ɗ da ƙ ba. In maɗaba'a ba ta da salon da kuka yi aiki da shi, kwamfutarta za ta musanya da wani, masu lanƙwasa su fito da wata kama dabam, ko su zama 'yan akwatuna. Shi ya sa ba a kai fayil ɗin Word. Ana kai PDF wanda aka cusa haruffan a cikinsa.

Wajen fitar da shi, in kun zaɓi PDF/X-1a, wannan tsari ba ya karɓar RGB, kuma yana tilasta a cusa haruffa. Wasu maɗaba'u sun fi son PDF/X-4, sai a tambaya. A fitar da shafuffuka ɗai-ɗai a jere, daga 1 zuwa 24. Haɗa na 24 da na 1, na 2 da na 23, aikin mai ɗab'i ne, in kun yi masa sai ya warware ya sake.

Da an fitar, a buɗe fayil ɗin a duba abu uku da ido. Hoton bango ya wuce layukan yanka? In ya tsaya daidai kansu, babu rara, ko da an zaɓi Bleed, domin manhaja ba ta ƙirƙiro hoton da ba a ja ba. A jerin haruffa da ke cikin bayanin fayil, kowane salo an rubuta Embedded a gabansa? Sa'an nan, in akwai Acrobat Pro, a shiga Output Preview a kashe baƙar tawada. In rubutu ya ɓace gaba ɗaya, daidai ne. In ya saura da launin toka, tawada huɗu ce.

Saura gwaji. Kada a yarda a buga dubbai sai an ga kwafi ɗaya, a kan irin takardar da za a yi aiki da ita in da hali, an ninke an yanke. A duba shi da rana a inuwa, ba a ƙarƙashin fitilar ofis ba. Da aka zo sake buga littafin nan, shawarar da na bayar ita ce a ɗauki kwafin gwajin a kai Kadawa, a tsinko ganyen tumatir mai tsutsa a ɗora kusa da hoton, a tambayi manomi ko abu ɗaya yake gani. Wannan tafiyar yini ɗaya ce. Amma a sa ta cikin lissafi tun farko, tare da kwanakin gyara da na bushewar tawada da na ɗinki, domin littafin ya isa hannun manoma tun tumatir yana wurin reno, kafin a yi dashe.